Borin jini: yadda za ka gano abin da ya tayar da shi, da lokacin da ya zama na gaggawa

Borin jini ba ya sallama. Mutum yana zaune lafiya ƙalau sai ya ji ƙaiƙayi a wuya ko a ciki, kafin ya ankara fata ta tashi ruɗu-ruɗu kamar an tsula masa bulala. Wasu tabon ƙanana ne kamar cizon sauro, wasu kuma su haɗe su yi faɗin tafin hannu. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar zai gamu da shi a wani lokaci a rayuwarsa, kuma galibi yana lafawa ba tare da ya bar wata illa ba. Sai dai akwai ranar da wannan ƙaiƙayi yake zama alamar farko ta wani abu da zai iya toshe numfashi cikin 'yan mintuna. Don haka a wannan mako, mai karatu, za mu bi abin daki-daki: yadda za ka gane borin jini ne, yadda za ka bi sawun abin da ya tayar da shi, da alamomin da idan ka gan su ba kantin magani za ka nufa ba, asibiti za ka wuce.

A cikin fatarka akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke ajiye da wani sinadari mai suna histamin. Idan wani abu ya zungure su sai su sake shi gaba ɗaya. Histamin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo ya taru a ƙarƙashin fata, wurin ya tashi. Shi ne kuma yake taɓa jijiyoyin da ke sa ka ji ƙaiƙayi. Ka ga ke nan ba dattin jini ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Babu dalilin raba wa yaro shimfiɗa ko kwano saboda borin jini.

Babbar alamar da ta raba shi da sauran ƙuraje ita ce yawo. Kowane tabo guda ba ya wuce awa 24 a wuri ɗaya, sau da yawa ma cikin 'yan awoyi yake bajewa, fatar ta koma sumul kamar ba a yi komai ba, wani kuma ya ɓullo a wani wurin. Idan kana shakka, ɗauki biro ka zagaye tabo biyu ko uku, ka duba agogo. Washegari a daidai lokacin ka sake dubawa. Idan cikin da'irar ya koma daidai, ko da sababbi sun fito a gefe, to borin jini ne. Idan kuwa tabon yana nan daram, ko yana zafi fiye da ƙaiƙayi, ko ya baje ya bar duhu kamar na ƙujewa, wannan wani abu ne daban da ke buƙatar idon likita. Kada kuma ka tsaya neman ja. A fatar yawancinmu jan ba ya fitowa sosai, tashin fatar da ƙaiƙayin su ne abin lura.

Agogo ne babban mai ba da shaida

Tambayar farko da mutane ke yi wa kansu ita ce, "Me na ci?" Tambaya ce mai kyau, amma ba ta cika ba sai an haɗa ta da "Ƙarfe nawa na ci?" Borin jinin da abinci ke jawowa yana zuwa da wuri, yawanci daga 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan an ci. Kuma yana maimaituwa duk lokacin da aka sake cin abin. Saboda haka naman da ka ci shekaranjiya a wurin biki ba shi ne ya tashe ka yau da la'asar ba. Haka nan abincin da ka sake ci bayan abin ya faru kuma ba ka ga komai ba, wannan ya wanke kansa.

Abincin da aka fi kamawa da wannan laifi sanannu ne: gyaɗa, ƙwai, madarar shanu, kifi, jatan lande da danginsa, riɗi, waken suya da alkama. Matsalar ita ce a girkinmu suna ɓuya. Wanda jikinsa ba ya son gyaɗa zai iya guje wa ƙuliƙuli da kunun gyaɗa, ya manta cewa yajin tsire da kilishi da miyar taushe duk da gyaɗa ake haɗa su. Mai matsala da jatan lande zai iya cin miyar agushi ko ta kuɓewa a gidan abinci bai san an daka busasshen kirafish a ciki ba. Awara waken suya ce, kantu riɗi ne. Ƙwai da madara sun fi damun ƙananan yara, kuma da yawansu suna rabuwa da abin idan sun girma. Na gyaɗa da na kifi sun fi naci.

Akwai wani nau'i na kifi da ya kamata masu sayen kifin ƙanƙara su sani. Kifi irin taitus, idan ya daɗe ba cikin sanyi ba, kamar lokacin da wuta ta ɗauke firiza ta saki, histamin yana taruwa a cikin naman kifin kansa. Suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Wanda ya ci sai fuska ta ɗau zafi, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da gudawa, cikin ƙasa da awa guda. Yadda za ka gane shi: mutum biyu ko uku da suka ci daga tukunya ɗaya sun kamu tare. A nan laifin na wannan kifin ne, ba jikinka ne ya ƙi kifi ba.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da na fi so mutane su riƙa tambayar kansu shi ne, "Me na haɗiya?" Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da daikulofenak suna cikin manyan masu tayar da borin jini da kumburin fuska, yawanci cikin mintuna zuwa 'yan awoyi. Kuma ga wani abu da ba kowa ya sani ba: ga mutane da yawa, idan ɗaya daga cikinsu ya tayar, sauran ma za su tayar, domin hanyar aikinsu a jiki ɗaya ce. Sauya suna ko kamfani ba zai fisshe ka ba. Sai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, musamman dangin fenisilin, wato amoksisilin da amfikuloks da makamantansu. Kodin da danginsa kuma suna iya sa jiki ya saki histamin kai tsaye. Jiƙe-jiƙen gargajiya da magungunan ƙarin kuzari ma suna cikin lissafi, ko da mai sayarwa ya ce ganye ne zalla.

Kada ka ce ai ka sha maganin sau goma a baya ba abin da ya faru. Sau da yawa haka abin yake zuwa: jiki sai ya san abu tukuna kafin ya ƙi shi.

A nan ne nake da ƙorafi kan haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, ƙwaya huɗu ko biyar, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna. Idan jiki ya tashi bayan an sha irin wannan, babu mai iya cewa wacce ce a ciki ta yi ɓarnar, kuma mai shan ba zai san abin da zai guje wa gobe ba. Haƙƙinka ne ka san sunan duk abin da za ka haɗiya.

Ban da abinci da magani, akwai harbin ƙudan zuma ko rina. Akwai kuma wanda iyaye suka fi mantawa da shi, alhali shi ne ya fi yawa a wajen yara: mura da ciwon maƙogwaro da sauran cututtukan da ke zuwa da zazzaɓi. Yaro yana mura, aka ba shi amoksisilin, kwana uku sai ga borin jini. Maganin ne ko cutar? Ido kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Abin yi shi ne a dakatar da maganin a koma wurin wanda ya rubuta shi a ranar, ya duba ya yanke shawara. Kada uwa ta yanke hukunci da kanta cewa ɗanta ba ya shan fenisilin har abada, kada kuma ta ci gaba da ba shi tana cewa zai wuce. A lokuta da dama ma, duk binciken da za a yi ba za a gano takamaiman dalili ba, abin ya lafa da kansa cikin kwanaki.

Mu ɗauki misali

A ce wata mata ce mai shekara 34 tana fama da ciwon haƙori. Ƙarfe bakwai na safe ta sha kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙarfe ɗaya ta ci shinkafa da wake. Ƙarfe huɗu ciwon ya tsananta, maƙwabciya ta ba ta ibufurofen mai miligiram 400 ta sha. Ƙarfe biyar saura kwata hannuwa da ciki suka tashi ruɗu-ruɗu, fatar ido ɗaya ta ɗan kumbura. Nan take mutanen gida suka ɗora wa gyaɗa laifi.

Bari mu auna. Tsakanin kunun da tashin jikin akwai sama da awa tara, kuma kunun da ta saba sha ne kusan kullum. Shinkafa da wake sun kai awa uku da rabi, su ma abincin yau da gobe ne. Ƙwayar kuwa minti 45 kacal. Idan aka ƙara tambayarta ta tuna cewa bara ma leɓenta ya taɓa kumbura bayan ta sha maganin ciwon baya, to zargi ya koma kan ibufurofen da 'yan uwansa, gyaɗa ta fita.

Tambaya ta gaba ta fi wannan muhimmanci: yaya numfashinta? Idan tana magana da muryarta ta kullum, tana haɗiye yawu ba wahala, harshe bai kumbura ba, babu jiri, babu amai, to abin a fata ya tsaya. Za ta daina shan ibufurofen, ta sha setirizin ƙwaya ɗaya mai miligiram 10, wani ya zauna kusa da ita na 'yan awoyi yana lura. Don ciwon haƙorin, farasitamol ne mafi yawan masu irin wannan matsala suke iya sha lafiya, sannan ta je a duba haƙorin. Amma a ce ƙarfe biyar muryarta ta fara dishewa, tana ta gyaran murya tana cewa kamar wani abu ya tokare mata maƙogwaro. Daga wannan minti labari ya sauya, ba maganar setirizin ake yi ba kuma.

Kafin mu je can, ga abin da ya shafi maganin gida. Setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana, shi ne ma'aunin babba da yaron da ya kai shekara 12. Na fi son su a kan firiton da kowa ya sani, domin firiton yana sa barci sosai kuma aikinsa ba ya daɗewa, sai an maimaita duk awa huɗu zuwa shida. Direba ko ɗan acaɓa ko mai aiki da inji bai kamata ya sha firiton ya fita aiki ba. Setirizin ma yana sa wasu gyangyaɗi, don haka ka fara gwada shi ranar da kake gida. Na yara ana auna shi ne da shekaru da nauyi, a tambayi mai harhaɗa magunguna, kuma ɗan ƙasa da shekara biyu a kai shi a gani kafin a ba shi komai. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma su tambaya tukuna. Tsumma mai sanyi a kan fata da sakakkun kaya suna rage ƙaiƙayi, wanka da ruwan zafi kuwa ƙara shi yake yi.

Abin da ba na so shi ne ɗabi'ar sayen deksametason ko firedinisolon duk lokacin da jiki ya yi ƙaiƙayi. Likita yana iya rubuta su na kwana kaɗan idan abin ya yi tsanani, wannan daban. Amma mai shan su wata da watanni da kansa yana sayen hawan jini da hauhawar sukari da raunin ƙashi ne da kuɗinsa. Idan borin jini ya wuce mako shida yana zuwa yana tafiya, da wuya a ce abinci ne, kuma daina cin ƙwai da nama da kifi ba zai warkar da shi ba, rama kawai zai jawo. Wannan na asibiti ne, akwai tsarin maganinsa.

Lokacin da ba a jira

Idan sinadaran nan suka fantsama cikin jiki gaba ɗaya maimakon su tsaya a fata, hanyar iska tana iya kumbura ta matse, bugun jini kuma ya faɗi ƙasa warwas. Likitoci suna kiran wannan anafilaksis. Abubuwa uku za ka duba ga duk wanda jikinsa ya tashi farat ɗaya. Na farko maƙogwaro: harshe ya kumbura, murya ta dishe, haɗiya ta gagara, yawu yana dalala, ko ana jin ƙara idan ya ja numfashi. Na biyu ƙirji: numfashi sama-sama, shesshekar da ke fita kamar ta mai asma, tari ba ƙaƙƙautawa, ba ya iya ƙarasa magana. Na uku jini: jiri, gumi mai sanyi, ruɗewa, ko suma. Ga jariri, sai ka ga ya yi laƙwas ko barci ya rufe shi ba gaira ba dalili. Amai a kai a kai ko murɗawar ciki mai tsanani tare da tashin jiki, musamman bayan allura ko harbin zuma, su ma ka ɗauke su da nauyi. Guda ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti mafi kusa nan take. Mai asma ya fi kowa shiga haɗari.

Yawan tabo ba shi ne ma'auni ba. Wani jikinsa duka zai tashi amma numfashinsa lafiya lau, wani kuma tabo kaɗan ne ko babu ma sam, amma yana shaƙewa.

Yadda aka ɗauki mutum zuwa asibiti yana da tasiri. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi ya taka zuwa bakin titi ko da ya ce ya ji sauƙi, domin miƙewa tsaye lokacin da jini ya faɗi tana iya sa zuciya ta tsaya. A ɗauke shi a kai shi mota ko Keke, a kwance. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, wanda maƙogwaronsa ke kumbura zai iya shaƙewa da su. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma idan akwai abin hawa a kusa kada a zauna jiran wani ya zo.

Maganin wannan hali guda ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje. Ma'aikacin lafiya yana ba babba rabin mililita na mai ƙarfin miligiram ɗaya a kowace mililita, yara kuma ƙasa da haka gwargwadon shekarunsu, a maimaita bayan minti biyar idan ba a ga sauƙi ba. Na kawo wannan ne don ka san abin da ya kamata a fara yi, ba don ka yi da kanka ba. Allurar haidirokotison da ta firiton, waɗanda aka fi saurin ɗaukowa a wurare da yawa, ba sa buɗe maƙogwaro kuma ba sa ɗaga jinin da ya faɗi cikin mintunan da ake buƙata. Shi ya sa nake cewa duk wurin da ake yi wa mutane allura alhali babu adirenalin a ajiye, ba wurin da za ka miƙa jikinka ba ne. Da kun isa asibiti, ka faɗi abin a taƙaice tun daga ƙofa: ya sha kaza ƙarfe kaza, jikinsa ya tashi, yanzu numfashi yana gagararsa. Idan ya farfaɗo aka ce ya tsaya a lura da shi na wasu awoyi ko ya kwana, kada a matsa a tafi gida, domin abin yana iya dawowa bayan ya lafa.

Akwai abubuwa biyu da ke kama da borin jini amma ba shi ba ne, kuma dukansu na gaggawa ne. Mai shan maganin hawan jini irin lisinofiril ko enalafiril yana iya wayar gari da kumburarren leɓe ko harshe, babu ƙaiƙayi babu tabo a jiki. Wannan ya fi faruwa ga baƙar fata, kuma yana iya zuwa bayan an yi watanni ko shekaru ana shan maganin lafiya, shi ya sa ba a cika zarginsa ba. Setirizin ba ya yi masa aiki. A daina shan ƙwayar, a je asibiti a ranar, likita ya sauya wani. Na biyun shi ne wanda ya fara shan saftirin ko fansida ko wasu magungunan farfaɗiya, bayan kwanaki ko 'yan makonni sai ga zazzaɓi, idanu sun yi ja, baki da leɓe sun yi gyambo, fata tana zafi tana ɗurar ruwa kamar ƙuna. Wannan ba a jinyarsa a gida ko na kwana ɗaya. Shi kuwa ƙaiƙayin kulorokwin da manyanmu suka sani, mai hana barci amma ba ya tayar da fata, wahala ce kawai, ba ya cikin wannan layi.

Bayan komai ya lafa, akwai ɗan aikin da zai amfane ka. Ɗauki hoton fatar da waya tun tana tashe, domin sau da yawa kafin ka ga likita ta baje. Rubuta abin da ka ci da abin da ka sha a awoyin da suka gabata, kowanne da lokacinsa, ka ajiye kwalin maganin. Sunan da za ka riƙe shi ne ainihin sunan sinadarin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani, domin magani ɗaya yana iya zuwa da sunayen kasuwa da yawa, wani lokaci ma a haɗe da wani a ƙwaya guda, kamar yadda ake haɗa ibufurofen da farasitamol. Rubuta sunan a ƙaramar takarda ka sa cikin walat ko bayan waya, ka sanar da mutanen gida, kuma ka faɗa wa duk likita ko nas ko mai kantin magani kafin ya miƙo maka ƙwaya ko ya zuƙo allura. Idan abin ya taɓa kai ka ga shaƙewa ko suma, kada ka sake gwada abincin ko maganin a gida don ka tabbatar. Irin wannan gwaji a asibiti ake yin sa, inda adirenalin ke kusa.